Haddace fomula, shekarun tarihi da ma'anoni ta hanyar gwada kai kullum: tambayoyi da amsoshi

Ina koyar da Fiziks, kuma da yamma ina zama da ɗaliban aji shida na sakandare masu shirin WAEC, NECO da JAMB. Duk shekara kukan ɗaya ne: "Malam, na karanta, na gane, amma da na shiga ɗakin jarrabawa sai kaina ya ɗauke." Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda aka fi yi mini a kan tsarin katuna da muke amfani da shi.

1. Mene ne wannan tsarin a taƙaice?

Ka yanka takarda ƙanana, kamar faɗin tafin hannu. A gaban kowace ka rubuta tambaya ɗaya, a bayanta ka rubuta amsa. Kullum ka ɗauki katunan da lokacinsu ya yi, ka karanta tambayar, ka fitar da amsar daga kanka da baki ko da biro, sannan ka juya ka duba. Katin da ka ci sai ka jinkirta sake ganinsa, kowane karo jinkirin ya fi na baya tsawo. Wanda ka faɗi kuwa gobe zai dawo maka. Wani ɗan jarida Bajamushe, Sebastian Leitner, shi ya yaɗa wannan dabara ta katuna da akwatuna a farkon shekarun 1970. Yadda ake jera su yana tambaya ta 4.

2. Ina maimaita karanta littafina sau uku ko huɗu. Me ya sa hakan bai isa ba?

Domin ganewa daban, tunowa daban. Idan idonka ya faɗa kan fomular da ka gani jiya, zuciyarka za ta ce ai na san wannan. Gaskiya ne ka gane ta, kamar yadda kake gane fuskar mutum a kasuwa amma sunansa ya ƙi zuwa. A jarrabawa babu wanda zai nuna maka fuskar. Farar takarda za a ba ka, kai ne za ka kawo sunan.

An gwada wannan. A 2006 wasu masana halayyar ɗan'adam biyu a Amurka, Henry Roediger da Jeffrey Karpicke, sun ba ɗaliban jami'a gajerun rubuce-rubuce. Wani lokaci ɗalibi ya karanta sau biyu, wani lokaci ya karanta sau ɗaya sannan ya rufe ya rubuta duk abin da ya tuna. Da aka gwada bayan minti biyar, maimaita karatu ne a gaba: kashi 81 cikin ɗari, gwajin kai kuma kashi 75. Da aka gwada bayan mako guda sai lamarin ya juya: gwajin kai kashi 56, maimaita karatu kashi 42. Ka ga inda yaudarar take. A daren da kake karatu, maimaitawa ce za ta fi kwantar maka da hankali, kuma ba ƙarya take yi maka ba, a wannan daren ka fi sani. Sai dai jarrabawarka ba a wannan daren take ba.

3. To me ya sa sai an bar tazara? Ba gara in yi ta gwada kaina sau goma a zama ɗaya ba?

Idan ka amsa tambaya yanzu, ka sake amsa ta bayan minti ɗaya, ba daga ajiya ka ɗauko ta ba, tana kan harshenka ne tun ɗazu. Ƙoƙarin lalubo abin da ya fara dusashewa shi ke kafa shi. Tun 1885 Hermann Ebbinghaus ya wallafa gwajin da ya yi a kan kansa da gaɓoɓin kalmomi marasa ma'ana, ya nuna cewa mantuwa ta fi sauri a sa'o'in farko da ranar farko, daga nan sai ta rage gudu. Shi ya sa gwajin farko yake zuwa washegari, sauran kuma su riƙa nisa.

Duk wanda ya yi hadda a tsangaya ko a Islamiyya ya san wannan a jikinsa. Ba ka wanke allo sai ka biya wa malam da ka, kuma abin da ka haddace watan jiya idan ba ka yi masa tilawa ba, zai zame. Mai sauraronka shi ke riƙe da littafi, kai kana karantowa. Wannan gwajin kai ne. Akwai bambanci ɗaya mai muhimmanci, na kawo shi a tambaya ta 9.

4. Yaya zan jera katunan in san wanda lokacinsa ya yi?

Nemi kwalin takalmi. Yanka kwali guda 31 waɗanda suka ɗan fi katunanka tsawo, ka rubuta musu lamba 1 zuwa 31, ka jera su a ciki. Kowace lamba ranar wata ce. Da safe ka zaro duk abin da ke bayan lambar yau, shi ne aikinka. Tazarar da muke bi ita ce kwana 1, sai 3, sai 7, sai 14, sai 28. Duk lokacin da ka ci kati ka ja masa ɗan layi da fensir a kusurwa, don ka san matakin da yake. Idan ka faɗi, ka goge layukan duka, ya koma farko.

Ga kati ɗaya mu bi shi. Ranar 1 ga wata ka rubuta: "A wace shekara aka haɗe Arewa da Kudancin Najeriya?" A baya: 1914. Ka saka shi bayan lamba 2. Ranar 2 ka ci, layi ɗaya, ka ƙara kwana uku, ya tafi bayan 5. Ranar 5 ka ci, layi biyu, ya tafi bayan 12. Ranar 12 bakinka ya ce 1903, shekarar da Turawa suka ci Kano da Sakkwato. Ka faɗi ke nan. Goge layuka, ya tafi bayan 13. Daga nan 16, sai 23, sai 7 ga watan gobe idan watan mai kwana 30 ne. Katin da bai taɓa faɗuwa ba yana gama zagayensa cikin kwana 53.

Waɗannan lambobin ba wahayi ba ne. Wani yakan yi 1, 2, 5, 10, 20 kuma ya yi masa aiki. Abin da ba ya canzawa shi ne tazara ta riƙa ƙaruwa, wanda aka faɗi kuma ya dawo da wuri.

5. Katuna nawa zan ƙara a rana, kuma minti nawa zai ci mini?

Goma. Na san za ka ce sun yi kaɗan, don haka bari mu yi lissafi. Kowane kati zai dawo maka sau biyar aƙalla. Idan kana ƙara goma kullum, bayan kamar wata biyu za ka riƙa tarar da hamsin suna jiranka kowace safiya, ga waɗanda ka faɗi, a ce goma zuwa sha biyar. Kati sittin da ɗoriya, kowanne daƙiƙa goma sha biyar zuwa ashirin, minti ashirin ke nan, ban da lokacin rubuta sababbi. Wanda ya ɗauki zafi ya fara da arba'in a rana zai wayi gari da fiye da ɗari biyu a gabansa, kuma a nan yawancin ɗalibai suke jefar da kwalin. Goma a rana na mako goma kati ɗari bakwai ne. Fomulolin Fiziks da Lissafi da kake bukata ba su kai rabin haka ba.

Lokaci kuwa, bayan sallar asuba ya fi dacewa da yawancin ɗalibaina, kafin a fara aike da ɗebo ruwa. Sababbin katuna da dare ake rubuta su, daga abin da aka koya a ranar.

6. Yaya ake rubuta katin fomula?

Kada ka rubuta "Kawo fomulolin tafiya" a gaba, ka jera huɗu a baya. Za ka tuna uku ka manta ɗaya, ka rasa ko ka ci ko ka faɗi. Kati ɗaya, fomula ɗaya, kuma tambayar ta zo da siffar da jarrabawa ke zuwa da ita. Maimakon sunan fomula, rubuta halin da ake bukatarta: "An ba ni gudun farko, ƙaruwar gudu da lokaci, ana neman nisa." A baya: s = ut + ½at². Wani katin: "Ana neman gudun ƙarshe, ba a ba ni lokaci ba." A baya: v² = u² + 2as. Rabin wahalar jarrabawar Fiziks zaɓen fomula ce, kuma irin wannan katin zaɓen yake koya maka.

Fomula da biro ake amsa ta. Baki yakan haɗiye abubuwa: za ka ce ka faɗi daidai alhali ka tsallake ½ ko ka manta alamar ragi. Rubuta a tsohuwar takarda, ka juya kati, ka gwama harafi da harafi.

Abu na uku shi ne ka ajiye ƙaramin misali a bayan katin, wanda za ka iya lissafawa da ka. Nawa ga shi: mota ta tashi daga tsaye, u = 0, tana ƙara gudu da a = 2 m/s², na t = 5 s. Gudun ƙarshe v = u + at = 10 m/s. Nisa ½ × 2 × 25 = 25 m. Duba ta uku: v² = 100, kuma 2as = 2 × 2 × 25 = 100. Lambobi uku kacal, sun ɗaure fomula uku. Ga x = (−b ± √(b² − 4ac)) / 2a kuwa, misalin shi ne x² − 5x + 6 = 0, wanda amsarsa 2 da 3. Idan fomular da ka rubuta ba ta ba ka 2 da 3 ba, akwai abin da ya faɗi a hanya.

7. Idan fomula ta rikice mini a ɗakin jarrabawa, akwai yadda zan gane daidai?

Akwai, kuma ya kamata ka saba da shi tun kana gwajin safiya. A ce kana shakka ko ½at ne ko ½at². Duba ma'auni. Ma'aunin a shi ne m/s². Ka ninka shi da t sau ɗaya, za ka sami m/s, wato gudu. Nisa kake nema, mita zalla, don haka dole t ya zo sau biyu. An gama, t² ne.

Sai dai ma'auni ba ya kama lamba zalla irin ½. Nan misalinka na tambaya ta 6 zai fitar da kai. Motar ta fara da sifili ta ƙare da 10 m/s, matsakaicin gudunta 5 m/s ne, cikin daƙiƙa biyar ta ci mita 25. Fomular da babu ½ za ta ba ka 50, ka san ba ita ba ce. Ni kaina na taɓa zubar da maki a wata jarrabawa saboda wannan rabin, ina da sauran lokaci a hannuna, amma ban san yadda ake dubawa ba. Tun daga nan ba na barin ɗalibi ya haddace fomula tsirara.

8. Shekarun tarihi suna cakuɗe mini. Yaya zan yi da su?

Shekara ita kaɗai lamba ce marar mariƙi. Sai ka rataye ta a jikin wani abu. Ɗauki tsare-tsaren mulkin zamanin Turawa da ake tambaya a darasin Gwamnati: Clifford 1922, Richards 1946, Macpherson 1951, Lyttelton 1954. Ukun ƙarshe suna kusa da juna, su ne ke rikita mutane. Amma idan ka san labarin, jerin ba ya juyawa. An soki na Richards saboda ba a shawarci 'yan ƙasa sosai ba, shi ya sa kafin na Macpherson aka yi ta tuntuɓa har zuwa babban taron Ibadan na 1950. Na Macpherson bai daɗe ba: a 1953 Anthony Enahoro ya kawo ƙudurin neman mulkin kai a 1956, aka sami saɓani tsakanin wakilan Arewa da na Kudu, rikici ya ɓarke a Kano a wannan shekarar. Abin da ya biyo baya shi ne tsarin tarayya na Lyttelton a 1954. Wanda ya riƙe 1953 a tsakiya ba zai sa Lyttelton kafin Macpherson ba.

Kowace shekara ka yi mata kati biyu. Ɗaya daga abin da ya faru zuwa shekara, ɗaya daga shekara zuwa abin da ya faru, domin sanin hanyar zuwa ba ya nufin ka san ta dawowa. Kada ka fara su rana ɗaya, ka bar kwana biyu ko uku tsakani. Sannan sau ɗaya a mako ka ɗauki farar takarda, ka ja dogon layi, ka zuba duk shekarun da ka sani a kansa da ka: 1804 farkon jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, 1808 faɗuwar Alƙalawa, 1817 rasuwar Shehu, har zuwa 1960 da 1963. Katuna suna ba ka ɗaiɗaiku, layin ne ke nuna maka wanda ya riga wani.

9. Ina cin katunan duka a gida, amma a gwajin aji sai in kasa. Me ke faruwa?

Sau da yawa ba amsar ka haddace ba, katin ka haddace. Akwai wata ɗaliba da na zauna kusa da ita ina kallon yadda take yi. Kafin ta gama karanta tambaya ta riga ta faɗi amsa. Na karɓi katunan na cakuɗa, na karanta mata da bakina ba tare da ta gani ba. Sai ga shi tana tsayawa. Ashe ta san cewa katin da kusurwarsa ta lanƙwashe amsarsa 1914, mai ɗigon manja kuma na dokar Ohm ne, V = IR, kuma bayan wannan sai wancan. A haddar allo jeri shi ne abin nema, aya tana jawo ta gaba da ita. A nan kuwa jeri abokin gaba ne, domin jarrabawa ba ta bin jerinka.

Don haka ka cakuɗa katuna kullum kafin ka fara, ka haɗa darussa wuri ɗaya, Fiziks da Gwamnati da Bayoloji. Takarda iri ɗaya, biro iri ɗaya. Wanda ya tsufa ka sake rubuta shi da wasu kalmomi. Lokaci-lokaci ka ba ƙaninka ko abokiyarki su yi tambayar. Idan bayan wannan matsalar tana nan, duba tambaya ta 13.

10. Ma'anoni fa? Dole in haddace su kalma da kalma?

Ba kowace kalma ba, amma akwai waɗanda idan babu su ma'anar ta rushe. Ɗauki osmosis a Bayoloji. Ginshiƙansa uku ne: abin da ke tafiya ruwa ne, yana tashi daga ɓangaren da ya fi tsarma zuwa wanda ya fi kauri, kuma yana ratsa wani tantani da ke barin ruwa ya wuce amma ya tare wasu abubuwan. Wanda ya bar tantanin bai bambanta shi da sauran nau'in bazuwa ba. A bayan katin ka rubuta ma'anar da harshen da za ka yi jarrabawa da shi, ka ja layi ƙarƙashin ginshiƙan, ka rubuta 3 a gaban katin don ka san adadin da kake nema. Ka kawo biyu, ka faɗi.

Ƙara kati na biyu na misali: "Me ya sa yankakken tumatir ke fitar da ruwa idan an barbaɗa masa gishiri?" Kuma kafin ka rubuta kowace ma'ana, gwada faɗinta da Hausa kamar kana yi wa kakarka bayani. Idan ka kasa, ba ka gane ba tukuna, kuma abin da ba a gane ba bai isa shiga kwali ba. Koma wurin malaminka ko littafi.

11. Na kusa daidai, ko na tuna bayan na leƙa kaɗan. In ƙirga na ci?

A'a. "Ai na sani, mantawa na yi" ita ce maganar da ta fi lalata kwali. Idan daƙiƙa goma sun wuce amsa ba ta zo ba, juya, karanta, rufe, faɗe ta sau ɗaya da ka, ka saka ta gobe. Faɗuwa kati ɗaya ko biyu cikin goma daidai ne. Idan ba ka faɗuwa ko kaɗan, tazararka ta yi gajarta, kana ɓata lokaci. Idan kana faɗuwa kusan rabi, ka rage sababbi.

12. Akwai katin da kullum nake faɗi, ya kai sau biyar. Kuma na yi kwana huɗu ban taɓa kwalin ba.

Katin da aka faɗi sau huɗu ko biyar, matsalar tana jikinsa. Ko ya ƙunshi abu biyu, sai ka raba. Ko kuma yana da ɗan'uwa mai kama da shi da ke shigar masa. Mahaddata sun san wahalar ayoyi masu kama da juna, kuma maganinsu shi ne su ajiye su gefe da gefe su lura da inda suka rabu. Haka za ka yi. Idan shekarun ƙirƙiro jihohi ke rikita ka, yi kati na musamman: "1987 da 1991, wacce ce ta kai jihohi 21, wacce 30?" Ka rataya musu abin da ka sani: Katsina ta fita daga Kaduna a 1987, Jigawa ta fita daga Kano a 1991.

Game da kwanakin da ka tsallake, kada ka zauna ka ce sai ka biya bashin duka yau. Dakatar da sababbin katuna. Kullum ka yi na ranar, ka ƙara kamar ashirin daga bashin, ka fara da masu layi ɗaya ko biyu domin su ne suka fi saurin zamewa. Masu layi huɗu za su jure jinkirin mako guda. Sai bashi ya ƙare ka koma ƙara sababbi.

13. Idan na riƙe katunan, sun ishe ni cin jarrabawa?

Ba su isa ba. Kati yana ajiye maka kayan aiki a kusa da hannu, amma ba ya koya maka warware tambayar da aka lulluɓe cikin labari, ko sauya fomula don fitar da t, ko rubuta amsa mai tsawo. Wannan sai da tsofaffin tambayoyin jarrabawa, da agogo a gabanka. Minti ashirin zuwa talatin na katuna ne, sauran lokacin karatunka na warware tambayoyi. Biyun suna ciyar da juna: duk inda ka maƙale a tsohuwar tambaya saboda ka manta wani abu, wannan abin shi ne katinka na daren nan.

14. Zan iya yi a waya maimakon takarda?

Za ka iya. Manhajar Anki tana lissafa tazarar da kanta, kuma AnkiDroid ta wayoyin Android kyauta ce, tana aiki ba tare da data ba da zarar ka sauke ta. Tana zuwa da sababbin katuna 20 a rana, ka mayar da su 10 saboda dalilin da ke tambaya ta 5. Ka rubuta katunanka da kanka maimakon sauke na wasu, kuma fomula dai da biro za ka amsa. Ni na fi son kwali ga ɗalibin sakandare: ba ya bukatar caji, kuma saƙo ba ya shigowa a tsakiyarsa.

15. Saura mako uku jarrabawa. Na makara?

Ba za ka gama zagayen kwana 53 ba, amma za ka sami matakai uku na farko, 1 da 3 da 7, waɗanda jimillarsu kwana 11 ne. Don haka ka yi kwana goma kana ƙara katuna, goma sha biyar a rana, daga abubuwan da ka ga suna maimaituwa a tsofaffin tambayoyi kuma ka san ba ka riƙe su ba. Bayan rana ta goma kada ka ƙara ko ɗaya. Duk katin da tazararsa za ta tsallake ranar jarrabawa, ka jawo shi ya faɗo kwana biyu ko uku kafin ta. Daren ƙarshe ka ɗauki waɗanda ka taɓa faɗi kawai, ka bi su sau ɗaya, ka kwanta da wuri.